Nazarin Shirun Masu Ba da Aiki: Yadda Ake Karanta Takardun Tayin da Ba a Amsa Ba

Gabatarwa

Mai fassara ko mai rubutu da ke neman aiki a dandalin Upwork yakan tura takardun tayi masu yawa kafin a kula shi sau ɗaya. Mafi yawansu ba a cewa e, ba a cewa a'a, shiru kawai ake yi. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, to amma a wannan kasuwa maganar tana da fuska fiye da ɗaya, kuma wanda ya yi gaggawar fassara ta yakan fassara ta ba daidai ba. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya yanke cewa farashinsa ne ya yi yawa, sai ya karya shi, shirun ya ci gaba, sai ya ƙara karyawa.

Wannan nazari yana so ya nuna cewa shirun kashi huɗu ne, kowane kashi yana faruwa a matakinsa, kuma kowanne da maganinsa. Idan aka tattara takardun da ba a amsa ba aka jera su a jadawali ɗaya, za a ga matakin da aka fi yin asara. Daga nan sai gyara ya bi tsari: a fara da zaɓen wanda ake tura wa, a bi da jimlolin buɗe takarda, a ƙare da farashi. An zaɓi Upwork ne saboda yana nuna wa mai neman aiki alamomi da yawa da za a iya ƙirgawa. Dandalin ya samo asali daga haɗewar kamfanonin Elance da oDesk, kuma ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu a shekarar 2015.

Kashe-kashen shiru

Kafin tayi ya zama aiki sai ya ƙetare matakai huɗu. Na farko, dole aikin kansa ya kasance rayayye, wato mai shi da gaske yake neman wanda zai ɗauka. Akwai masu sanya talla don su ji farashin kasuwa, akwai waɗanda suka samu mutum a wani wuri, akwai kuma waɗanda suka sanya suka manta. Tayin da aka tura wa irin wannan aiki ba shi da laifi ko kaɗan, domin babu wanda aka ɗauka.

Na biyu, dole mai aikin ya buɗe takardar. Abin da yake fara gani jerin masu nema ne, kowane da hotonsa, da taken sana'arsa, da farashinsa, da layukan farko na takardarsa. Idan masu neman sun kai hamsin, ba kowa zai buɗe ba. Na uku, bayan ya buɗe ya karanta, dole ya ga dalilin da zai sa ya yi magana. Na huɗu, bayan an yi magana, dole a daidaita a ƙulla yarjejeniya.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne kowane mataki yana nuna inda za a duba. Yawan matattun ayyuka matsalar zaɓe ce. Rashin buɗewa yana komawa ga zaɓe, da lokacin turawa, da layukan farko. Buɗewa ba tare da amsa ba yana komawa ga cikin takardar, da shaidar ƙwarewa, da farashi. Mutumin da ya sake rubuta sakin layi na uku na takardarsa alhali ba a buɗe ta ma, ya ɓata ƙarfinsa a wurin da babu wanda ya kai.

Jadawalin bibiya

Kayan aikin wannan nazari jadawali ne na Excel ko Google Sheets, kowane tayi da layinsa. Abin da ya kamata a rubuta a lokacin turawa shi ne kwanan wata, da nau'in aikin, da kasafin da mai aikin ya sanya, da farashin da aka nema, da salon buɗe takardar, da yawan waɗanda suka riga turawa. Upwork yana nuna wannan yawan rukuni-rukuni a ƙarƙashin `Activity on this job`, daga `Less than 5` har zuwa `50+`. Sai kuma tarihin mai aikin: ko akwai alamar `Payment method verified`, da `hire rate` ɗinsa, wato kason tallace-tallacensa da suka ƙare da ɗaukar wani, da jimillar kuɗin da ya taɓa kashewa a dandalin.

A rubuta waɗannan nan take, domin yawan masu nema yana ƙaruwa, kuma shafin aikin kan rufe. Bayan mako biyu sai a koma a cike sauran gurabe: an ɗauki wani ko ba a ɗauka ba, an buɗe takardar ko ba a buɗe ba, an amsa ko ba a amsa ba. Tsayar da wa'adi ɗaya ga kowane tayi yana da muhimmanci. Idan aka haɗa tayin jiya da na wata uku da suka wuce, tayin jiya zai shiga cikin marasa amsa tun lokacinsa bai yi ba, sai ya sa sabon salon da ake gwadawa ya zama kamar ya gaza.

Idan nau'in aiki yana gurbin B, rayuwar aiki a E, buɗewa kuma a F, inda 1 ke nufin an buɗe, wannan lissafi zai ba da kason takardun da aka buɗe cikin rayayyun ayyukan Hausa:

```
=COUNTIFS(B:B,"Hausa",E:E,"rayayye",F:F,1)/COUNTIFS(B:B,"Hausa",E:E,"rayayye")
```

Misalin da za a bi

Mu ƙaddara wata mai fassara tsakanin Turanci da Hausa. Alƙaluman da ke biye an tsara su ne don a bi lissafin daki-daki. Ta tura tayi 120 cikin wata huɗu, an amsa mata 6, ta samu aiki 2. A dunƙule, kashi 5 cikin ɗari ne aka amsa, kuma wannan adadi shi kaɗai bai gaya mata abin da za ta gyara ba. Da ta raba takardun bisa nau'in aiki, sai ga abin da ya fito:

| Nau'in aiki | An tura | Matattu | Rayayyu | An buɗe | An amsa | An ɗauka |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ayyukan Hausa | 45 | 9 | 36 | 22 | 5 | 2 |
| Ayyukan gama-gari | 75 | 29 | 46 | 9 | 1 | 0 |
| Jimilla | 120 | 38 | 82 | 31 | 6 | 2 |

Ayyukan Hausa su ne fassara, da mayar da magana rubutu, da gyaran rubutun Hausa. Na gama-gari su ne shigar da bayanai, da rubutun Turanci, da aikin sakatare daga nesa, waɗanda take turawa don kada rana ta wuce ba ta nemi komai ba.

Abu na farko da jadawalin ya nuna shi ne, cikin takardu 114 da ba a amsa ba, 38 matattun ayyuka ne, 51 kuma ba a buɗe su ba. Ke nan takardu 25 kaɗai aka karanta aka yi shiru. Zaton da take yi cewa masu aiki sun karanta bayaninta sun ƙi ta bai shafi ko rubu'in takardun ba. Abu na biyu shi ne ayyukan nan kasuwa biyu ce daban. A ayyukan Hausa ana buɗe kusan kashi 61 cikin ɗari na takardunta, a na gama-gari kusan kashi 20.

Kada ƙananan alƙaluma su ruɗi mutum

Kafin a gina hukunci a kan jadawali irin wannan, dole a san iyakar abin da ƙananan alƙaluma ke iya faɗi. A ce ainihin damar samun amsa ga kowane tayi kashi 5 cikin ɗari ce. Damar tura 20 a jere ba tare da amsa ko ɗaya ba ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 20, wanda ya ba da kusan kashi 36 cikin ɗari. Wato cikin mutum uku masu ƙwarewa iri ɗaya, kusan ɗaya zai tura ashirin ya ji shiru, ba tare da ya yi wani kuskure da sauran ba su yi ba. Wanda ke sauya salonsa duk bayan tayi goma yana bin sa'a ne kawai.

Masana ƙididdiga suna da wata ƙa'ida mai sauƙi da ake kira ƙa'idar uku, wadda Hanley da Lippman-Hand suka bayyana wa likitoci a mujallar JAMA a 1983. Idan aka gwada abu sau da yawa bai faru ko sau ɗaya ba, a raba 3 da yawan gwajin, abin da ya fito shi ne kusan iyakar da damarsa za ta iya kaiwa, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Tayi 30 babu amsa yana nufin damar za ta iya kaiwa kashi 10. Tayi 75 babu ɗauka ko ɗaya, kamar na ayyukan gama-gari a misalinmu, yana nufin da wuya damar ta wuce kashi 4. Wannan hujja ce da za a iya dogaro da ita.

Tarko na biyu shi ne cakuɗewar dalilai. A 1973 an ga Jami'ar California da ke Berkeley ta ɗauki kusan kashi 44 cikin ɗari na maza masu neman karatun gaba da digiri, da kusan kashi 35 na mata. Da Bickel da abokan aikinsa suka duba sashe-sashe, a binciken da suka wallafa a mujallar Science a 1975, sai suka ga mata sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ga kowa da kowa, kuma a yawancin sassan babu wannan tazarar. Irin wannan yana faruwa a jadawalin tayi kullum. Salon buɗewa zai iya fitowa kamar ya fi wani, alhali an fi amfani da shi ne a ayyukan da dama can suke da sauƙin samu. Maganin shi ne a kwatanta abubuwa a cikin rukuni ɗaya, Hausa da Hausa, waɗanda aka tura da wuri su ma da junansu.

Gyara na farko: wa ake tura wa

Zaɓe ne ke zuwa farko saboda shi ya fi cin kuɗi, kuma shi ne alƙaluma suka fi fayyacewa. A Upwork tura tayi ba kyauta ba ne, ana biya da wasu maki da ake kira `Connects`, kowane ɗaya santi 15 na dalar Amurka, kuma yawan da ake buƙata ya danganta da aikin. Idan muka ƙaddara kowane tayi ya ci 10, to kuɗinsa dala 1.50 ne. Mai fassararmu ta kashe dala 180, daga ciki dala 112.50 sun tafi ga ayyukan gama-gari da ba su kawo ko aiki ɗaya ba. Idan kowane tayi yana ɗaukarta minti 20, awa 25 ke nan ta zuba a wannan ɓangare.

Dalilin bambancin a fili yake. A aikin shigar da bayanai tana gogayya da dubban mutane daga ƙasashe da yawa, babu abin da ya bambanta ta da su, kuma wasunsu suna da ɗaruruwan ayyukan da suka kammala. A aikin Hausa masu gogayya kaɗan ne, kuma taken sana'arta ya dace da abin da ake nema tun kafin a buɗe takardar.

Sai batun matattun ayyuka. Da ta duba tarihin masu su, sai ta ga ta tura tayi 35 ga waɗanda ba su tabbatar da hanyar biyansu ba ko ba su taɓa ɗaukar kowa ba, kuma 27 daga cikinsu sun mutu. Cikin sauran 85 kuwa, 11 kaɗai suka mutu. Wannan tazara ta isa ta zama doka a wurinta: sabon mai aiki ba za a tura masa ba sai idan bayanin aikinsa ya nuna da gaske yake, kamar ya faɗi yawan kalmomi, da ranar da yake so, da inda za a yi amfani da fassarar. An bar wannan ƙofar a buɗe ne saboda kowane babban mai aiki ya taɓa zama sabo, kuma takwas cikin 35 ɗin sun ɗauki wani.

Lokacin turawa ma yana cikin zaɓe. Cikin rayayyun ayyukan Hausa 36, ta tura 20 lokacin da masu nema ba su kai goma ba, aka buɗe 16. Sauran 16 ta tura su bayan jama'a sun taru, aka buɗe 6. Mai aiki yakan duba na farko-farko, ya fara magana da biyu ko uku, daga nan ba ya komawa kan jerin. Shafin aikin yana nuna alamar haka. Idan `Interviewing` ya nuna mutum biyar, kuma `Last viewed by client` ya nuna kwana huɗu, ciniki ya yi nisa. Abin da ya dace shi ne a adana binciken kalmar Hausa a dandalin, a riƙa duba shi sau da yawa a rana, tare da la'akari da cewa masu aiki daga Amurka suna sanya tallansu ne da yamma ko da dare a agogon Najeriya da Nijar.

Gyara na biyu: jimlolin buɗewa

Bayan an tsaftace zaɓe ne za a iya auna jimlolin buɗewa da adalci. Al'adarmu ta gaisuwa tana da kyau a inda take, amma a jerin masu nema layi biyu kawai mutum yake da su, kuma idan gaisuwa da gabatar da kai suka cinye su, mai aikin bai ga komai game da aikinsa ba. Takardun da Turanci ake rubuta su, ga ma'anar salo biyu da ta yi amfani da su, a kan tallar wata ƙungiyar lafiya mai neman a fassara takardar wayar da kai kan riga-kafi mai kalmomi 2,000.

Salo na farko: “Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya. Ni ƙwararriyar mai fassara ce mai shekaru da yawa a wannan aiki, kuma ina da sha'awar aikinka ƙwarai.”

Salo na biyu: “Takardar riga-kafin nan, a Kano za a raba ta ko a Maraɗi? Rubutun Hausa na ƙasashen biyu ya ɗan bambanta, haka ma kalmomin aro. Na fassara irinta ga masu karatu na Najeriya, ga shafi ɗaya na haɗa.”

Salo na farko zai dace da kowane aiki a duniya, shi ya sa ba ya jan kowa. Na biyu ya ambaci aikin da sunansa, ya yi tambayar da sai wanda ya san fannin zai yi, ya kuma nuna shaida. Tambayar ta gaske ce, domin a Najeriya ana rubuta 'y a Nijar kuma ƴ, kuma Hausar Nijar ta fi aro daga Faransanci inda ta Najeriya ta aro daga Turanci. Mai aikin da bai san da wannan ba zai gane nan take cewa an kare shi daga kuskure. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya yi bayani a 1973 cewa alamar da ke gamsar da mai ɗaukar ma'aikaci ita ce wadda marar ƙwarewa zai sha wuya kafin ya kwaikwaya. Kowa zai iya kiran kansa ƙwararre, amma tambaya mai kan gado sai wanda ya san aikin.

A jadawalinta, salo na biyu ya samu amsa 5 cikin 6. Sai dai ta fi amfani da shi a ayyukan Hausa, domin a nan ne take da abin faɗi, don haka dole a kwatanta cikin rukunin. A rayayyun ayyukan Hausa, salo na biyu an buɗe 15 cikin 21, wato kusan kashi 71, na farko kuma 7 cikin 15, kusan kashi 47. Alamar tana da kyau, amma ba ta kai hujja ba, domin alƙaluman ƙanana ne, kuma lokacin turawa yana iya shiga ciki.

Hanyar tabbatarwa ita ce gwaji da gangan. Ga kowane sabon aiki da ya cika sharuɗɗan zaɓe, sai ta jefa kwabo ya zaɓi salon da za a yi amfani da shi, don kada ta riƙa ba salon da take so ayyukan da suka fi kyau ba tare da ta lura ba. Sauran abubuwa kuma, hoto da take da tsarin farashi, a bar su yadda suke. Ma'aunin ya zama buɗewa, saboda lissafi ya nuna cewa bambanta kashi 45 da kashi 70 yana buƙatar takardu kusan 60 a kowane ɓangare, alhali bambanta kashi 10 da kashi 15 na amsa yana buƙatar kusan 700 a kowane ɓangare. Mutum ɗaya zai iya kai wa na farko idan ya daure, na biyu kuwa ya fi ƙarfinsa. Darasin shi ne manyan sauye-sauye kaɗai ake iya gwadawa. Sauya kalma ɗaya a jimla ba zai taɓa bayyana a jadawalin mutum ɗaya ba.

Gyara na uku: farashi

Farashi yana fitowa a jerin masu nema, don haka yana iya shafar buɗewa, amma inda ya fi aiki shi ne bayan an karanta. Domin ayyuka sun bambanta da girma, ana auna shi ne da kasafin mai aikin, wato a raba abin da aka nema da abin da ya sanya. Cikin takardun Hausa 22 da aka buɗe, ta nemi ƙasa da kashi 70 na kasafin a guda 8, ba a amsa ko ɗaya ba. Ta nemi tsakanin kashi 70 da 110 a guda 10, aka amsa 4. Ta wuce kashi 110 a guda 4, aka amsa 1.

Ba za a ce wannan ya tabbatar da cewa araha tana korar masu aiki ba. Ko da damar amsa kashi 25 ce, takardu takwas a jere za su iya tafiya shiru sau ɗaya cikin goma. Abin da za a iya faɗi shi ne babu wata shaida cewa karya farashi ya taimaka mata, kuma akwai dalilin da zai sa a yi tsammanin haka. Mai aikin da ke London ko Nairobi ba ya jin Hausa, ba zai iya tantance ingancin abin da aka ba shi ba. George Akerlof ya yi bayani a 1970 kan kasuwar da mai saye bai san ingancin kaya kamar yadda mai sayarwa ya sani ba. A irin wannan hali mai saye yana neman duk wata alama, farashi kuma alama ce. Araha ba ta ado. Ƙungiyar da za ta buga takardar lafiya dubbai ta raba wa iyaye mata ta fi tsoron kuskuren fassara a kan ta rasa dala talatin.

Jadawalin yana kuma taimakawa wajen gano farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A ce aikin kalmomi 2,000 a santi 5 kowace kalma, dala 100 ke nan. Upwork yana cire kasonsa, wanda ya kasance kashi 10 tun 2023, daga 2025 kuma yana sauyawa bisa aikin har zuwa kashi 15. A kashi 10, saura dala 90. Tayi 45 na Hausa sun ci dala 67.50 suka kawo aiki biyu, wato kusan dala 34 kowane aiki, saura dala 56. Fassarar da bitarta za su ɗauki kusan awa bakwai, rubuta takardun da suka kawo aikin kuma awa bakwai da rabi. Ribar ta tsaya kusan dala 4 a awa. Idan ta raba farashin biyu, abin da zai rage dala 11 ne a awa goma sha huɗu da rabi, kafin a cire kuɗin data da na wuta da na cire kuɗin. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai iya cin ciniki yana asara.

Gyaran da ya fi dacewa shi ne a sauya fasalin farashin maimakon a rage shi. Abin da ke hana mai aiki amsawa sau da yawa tsoron kasada ne, don haka sai a rage masa kasadar. A raba aikin zango-zango, zangon farko ya zama kalmomi 300 da zai biya ya kai wa wani mai jin Hausa ya duba. A faɗi abin da farashin ya ƙunsa, kamar bita ta biyu, da jerin kalmomin fannu da aka yi amfani da su, da tabbatar da cewa haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun fito daidai a takardar da za a buga. Idan kasafin ya gaza abin da aikin ya cancanta, a faɗi abin da zai iya saye: rabin takardar, ko wa'adi mai tsawo.

Iyakokin wannan hanya

Jadawali yana nuna abin da ya bambanta tsakanin tayi da tayi. Abin da yake iri ɗaya a dukkansu ba ya ganinsa, kamar shafin bayanin mutum, da yawan ayyukan da ya kammala, da ƙasar da yake. Waɗannan kuwa suna da tasiri. Amanda Pallais ta yi gwaji a oDesk, wanda ta wallafa a mujallar American Economic Review a 2014, inda ta ɗauki ma'aikata 952 aikin shigar da bayanai, ta ga cewa ba marar tarihi aikin farko da shaidar kammalawa ya ƙara masa samun aiki daga baya. Agrawal da Lacetera da Lyons kuma sun gano a 2016 cewa masu nema daga ƙasashe masu tasowa ba su kai na ƙasashe masu arziki samun ɗauka ba, amma tarihin aiki da dandalin ya tabbatar ya fi amfanarsu. Wannan shi ne yanayi ɗaya da sassauta farashi ke da hujja: sabon shiga ya karɓi ƙananan ayyuka biyu ko uku don ya samu shaida, ya ƙayyade adadinsu tun farko, sannan ya koma farashinsa.

Iyaka ta biyu ita ce girman kasuwa. Ayyukan Hausa 45 cikin wata huɗu kusan uku ne a mako. Idan ta daina tura na gama-gari, ayyukan Hausa ba za su ƙaru ba. Awa 25 ɗin da ta tsira da su sai ta kai su wata hanya, kamar rubuta wa kamfanonin fassara kai tsaye, ko shafin masu fassara na ProZ, ko tuntuɓar waɗanda ta taɓa yi wa aiki. A can ma jadawalin yana aiki, sai dai ba a ganin buɗewa, don haka ana buƙatar takardu masu yawa kafin a yanke hukunci. Iyaka ta uku ita ce sauyin lokaci. Ayyuka kan yi ƙaranci a ƙarshen Disamba, dandali kan sauya dokokinsa, don haka gwada salo biyu a lokaci ɗaya ya fi kwatanta watan jiya da na yau.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kason amsa a dunƙule ba ya koyar da komai sai an rarraba shi mataki-mataki. A misalin da aka bi, 89 cikin takardu 114 da ba a amsa ba sun faɗi ne a matakai biyu na farko, kuma mafi girman asarar ta fito daga tura tayi ga ayyukan da ba su dace ba. Tsarin da ya fito daga wannan shi ne a tara aƙalla takardu hamsin zuwa ɗari kafin a yi hukunci, a ware matattun ayyuka, a raba sauran bisa nau'i, a mayar da abin da alƙaluma suka nuna ƙarara ya zama dokar zaɓe. Bayan haka a gwada salon buɗewa biyu da jefa kwabo, a auna su da buɗewa. Farashi kuma kada a taɓa shi sai an ga takardu ana buɗe su ana yin shiru, kuma an san adadin da ƙasa da shi aikin asara ne. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta ranar da aka sauya shi a jadawalin, domin bayan wata uku a iya sanin wane gyara ne ya kawo bambancin da aka gani.